Gargaɗi ga masu POS da masu shago: takardar rasit da ake cika wa ciki da bututu

Masu sana'ar POS da masu shagunan da ke buga rasit, a kula da takardar da ake kawo muku da sunan araha. Akwai dillalai da ke yawo da kwalaye, wasu kuma suna tallatawa a WhatsApp, da rubutun "57 x 40" a jiki, wani lokaci har da "mita 25" ko "mita 30". A ido naɗin ya cika, ya shiga na'ura daidai, rubutu ya fito. Sai dai yana ƙarewa da wuri, kuma da yake ba mai ƙirga rasit, mutum yakan ɗauka ciniki ne ya yi yawa.

Lambobin nan biyu ba su faɗi tsawon takarda ba. 57 faɗin takardar ne a milimita, 40 kuma faɗin naɗin ne idan aka kalle shi ta gefe, daga baki zuwa baki. Naɗi biyu za su iya ɗaukar wannan suna ɗaya, alhali ɗaya yana da mita 18, ɗayan bai kai 11 ba. A nan masu ha'inci suke ɓuya, domin mai saye yana biyan kuɗin naɗi, amma abin da yake amfani da shi tsawo ne.

Ana iya gano tsawon ba tare da an warware naɗin ba. Ka kalle shi ta gefe, za ka ga zobe na takarda ya kewaye bututun roba ko na kwali. Da za a warware takardar a miƙe ta, wannan zoben zai koma siririn layi mai tsawo wanda kaurinsa kaurin takardar ne. Ba abin da ya ƙaru, ba abin da ya ragu. Saboda haka idan ka san girman filin zoben, ka raba shi da kaurin takarda, ka samu tsawo:

```
L = 0.785 × (D×D − d×d) ÷ t
```

D shi ne faɗin naɗin gaba ɗaya, d faɗin bututun ciki, t kaurin takarda, L kuma tsawo. Duk a auna da milimita, amsar da ta fito a raba da 1000 ta koma mita. Lambar 0.785 ba ta canzawa, kashi ɗaya ne cikin huɗu na 3.14 da aka sani a lissafin da'ira. Kalkuletan waya ya isa.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne d. Ba ramin tsakiya ake aunawa ba, bayan bututun ake aunawa, daidai inda takarda ta fara. Dillali zai ce maka bututunsa 12 ne, kuma idan ka sa rula a ramin za ka ga 12 ɗin. Amma bangon bututun yana iya zama siriri, yana iya zama mai kaurin milimita 5 ta kowane gefe. Rami ɗaya, amma na farko bayansa 15, na biyu 22.

Ga naɗi na gaskiya: D 40, d 15, takarda mai kaurin 0.06. 40 sau 40 ya ba da 1600, 15 sau 15 ya ba da 225, a cire ya rage 1375. A ninka da 0.785, a samu kusan 1079. A raba da 0.06, a samu kusan milimita 17,990, wato mita 18.

Ga kuma na ha'inci, wanda shi ma aka rubuta masa 57 x 40. Da aka auna, D 38 ne, d 22, takardar kuma 0.07. 1444 a cire 484, saura 960. Sau 0.785 ya zama 754, a raba da 0.07, mita 10.8 ke nan. An yanke kashi 40 cikin 100 na takardar, kuma idan aka ajiye su gefe da gefe a kan teburi ba kowa zai lura ba.

Dubi yadda kowace dabara take cin nata rabon. Milimita 2 da aka rage a waje kaɗai, daga 40 zuwa 38, tana tafiya da mita 2, saboda zagayen waje su ne mafi tsawo, kowane ɗaya wajen santimita 12 ne. Kumbura bututu daga 15 zuwa 22 kaɗai yana cin kusan mita 3 da rabi. Ƙara kaurin takarda daga 0.06 zuwa 0.07 kaɗai yana cin wajen mita 2 da rabi. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi wayo, domin ana sayar da ita a matsayin inganci: "taɓa ka ji, mai kauri ce." Takarda mai kauri ba laifi ba ce a kanta, wasu ma sun fi son ta don ba ta saurin yagewa. Laifin shi ne a ba ka mai kauri, sannan a ce maka tsawonta ɗaya da na siririya. A cikin naɗi mai faɗin 40, hakan ba ya yiwuwa.

Haka ma batun mita 30. Ko da bututun siriri ne ƙwarai, bayansa 12, takardar kuma siririya mai 0.05, lissafi bai wuce mita 23 ba. Don mita 30 ta shiga wannan wuri sai kaurin ya sauko ƙasa da 0.04, kuma takardar rasit da aka saba gani a kasuwa tana tsakanin 0.05 da 0.08 ne. Wanda ya rubuta mita 30 a kan 57 x 40, ba ka ma buƙatar buɗe kwalinsa.

A mayar da shi kuɗi. A ɗauka, don misali kawai, na gaskiyar naira 200 ne, na dillalin 150. Na farko kowace mita ta tashi kusan naira 11, na biyu kusan 14. Idan rasit ɗaya yana cin santimita 12, na farko zai buga 150, na biyu 90. Wanda ya saya don ya rage naira 50 ya biya fiye, ga kuma buɗe na'ura a kai a kai ana canja takarda kwastoma na tsaye.

Awon D da d bai da wuya. Abin awon ƙarfe mai baki biyu da makanikai ke amfani da shi ya fi dacewa, amma idan babu, a zagaya naɗin da tef ɗin tela ko siririn zare, a raba abin da aka samu da 3.14. Wannan ya fi ɗora rula, domin bambancin milimita 2 a faɗi yana zama 6 a zagaye: naɗi mai 40 zagayensa kusan 126 ne, mai 38 kuma 119. Bututu kuwa, a ajiye na naɗin da ya ƙare a auna shi haka.

Kauri ne mai wahala, don rula ba ta ganin 0.06. Dabarar ita ce a tara. A yanke mita ɗaya na takardar gunduwa-gunduwa, santimita 2 kowace, a samu 50. A jera su, a matse tsakanin abubuwa biyu masu lebur, a auna, a raba da 50. Milimita 3 na nufin 0.06, 3.5 na nufin 0.07. Kada a ninke takardar a maimakon yankawa, bakin ninki yana kumbura ya ba da kauri na ƙarya. Kuma a yi haƙuri da wannan mataki, saboda kuskuren rabin milimita a nan yana sauya amsa da fiye da mita 2.

Akwai iyakar da ya kamata a sani. Lissafin yana ɗauka an naɗe takardar tamau, babu iska tsakanin zagaye da zagaye. Idan an naɗe ta sako-sako don ta kumbura, amsar da za ta fito ta fi gaskiya yawa. Wato lissafin yana gaya maka mafi yawan abin da zai iya kasancewa a ciki, bai tabbatar da cewa yana nan ba. Naɗi sako-sako yana lotsawa idan ka matsa shi da yatsu, kuma idan ka tura bututun da babban yatsa sai tsakiyar ta zame ta fito ta ɗaya gefen. Na ƙwarai tauri ne da shi, ba ya motsi.

Sikeli yana taimakawa, amma da sharaɗi. Mita 18 na takarda mai faɗin 57 ya ɗan haura murabba'in mita ɗaya, don haka idan takardar mai giram 55 ce a kowane murabba'in mita, nauyinta zai kai giram 56. Bututu mai kauri yana cike giɓin nauyi, shi ya sa jinjina naɗi a hannu ba ya nuna komai. Sai an auna bututun da babu takarda an cire nauyinsa.

Masu ɗaure kwali da salatif, wannan ha'incin ya shafe ku ku ma, don bututun salatif babba ne kuma ƙarin kauri a jikinsa ba ya ɗaukar ido. Raminsa yawanci milimita 76 ne, inci 3. A ce bayansa 82, kaurin salatif ɗin haɗe da gam 0.045. Yadi 100, wato mita 91.4, zai kai faɗin naɗin zuwa kusan 109, ma'ana zoben salatif ɗin kansa ya kusa milimita 14. Idan aka sa bututu mai baya 92 aka tsaya a 109 ɗin, zoben ya koma 8.5, tsawon kuma mita 60, yadi 65 ke nan da tambarin 100. Saboda haka a salatif a dubi kaurin zoben mai sheƙi, a ƙyale girman naɗin. A kuma tambaya ko 100 ɗin yadi ne ko mita, akwai mita 8 da rabi a tsakaninsu.

Yadin da ake naɗewa a bututu, irin na labule ko na kujera, lissafin yana ba da kintace ne kawai, saboda yadi yana matsuwa kuma kaurinsa a cikin naɗi bai kai na hannu ba. Wanda aka naɗe a kan allo mai lebur kuwa, wannan lissafi bai shafe shi ba sam, sai awo da sanda.

Kafin a biya kuɗin kwali, a zaɓi naɗi da hannunka daga ƙasa ko tsakiya, kada a karɓi wanda dillali ya miƙo, domin ana jera na ƙwarai a sahun sama. A auna biyu ko uku. Idan lissafi ya yi ƙasa da abin da aka rubuta da fiye da kashi 10 cikin 100, a sayi ɗaya a warware shi a gabansa a kan tayil: tayil mai santimita 60 guda 30 shi ne mita 18. Mai sayen kwalaye da yawa ya sa a rubuta tsawon a mita a cikin rasit ɗin ciniki, tare da sharaɗin mayarwa idan bai cika ba. Dillalin da ya ce shi "57 x 40" kawai ya sani, a yi masa farashi a kan mitar da lissafi ya nuna, idan bai yarda ba a bar masa kayansa.