WhatsApp ko Telegram: wanne ya fi saurin fito da tsohuwar magana?

Dillalin albasa a Aliero yakan yi ciniki da mai saye a Legas ta waya tun watan Maris, a ɗora kaya, sai bayan damina rigimar cikon kuɗi ta taso. A nan ne ake sanin amfanin manhajar da aka yi maganar a cikinta. Kafin ka tsayar da wadda za ka riƙa ciniki da ita, tambayar farko ita ce ina take ajiye saƙonninka.

WhatsApp a cikin wayarka yake ajiye su. Shi ya sa akwatin bincikensa ke aiki ko babu data, ko kana ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis. Maƙwabtanmu na Zamfara sun san darajar wannan tun da aka rufe layukan waya a Satumban 2021. Amma idan wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta, abin da za ka samu shi ne kawai wanda aka kwafa zuwa Google Drive, ko iCloud ga mai iPhone. Shiga Settings, Chats, Chat backup, ka duba ranar kwafin ƙarshe. In ka ga wata huɗu da suka wuce, to hirar wata huɗun nan tana rataye da lafiyar wayar ne.

Telegram kuwa a rumbun kamfanin yake ajiyewa. Ka sayi sabuwar waya a Jega, ka sa lambarka, jerin hirarrakinka duka ya dawo ba tare da ka taɓa yin kwafi ba. Sharaɗinsa shi ne tono tsohon saƙo yana son intanet, kuma Secret Chat ba ya bin ka zuwa wata waya. Haka nan idan ka daɗe ƙwarai ba ka shiga ba, asusun yana goge kansa da abin da ke ciki.

Mu koma kan dillalin. Ya tuna an yi magana a kan buhu 60, amma ya manta sunan da ya sa wa mutumin. A WhatsApp zai fara da akwatin binciken da ke saman jerin hira, ya rubuta "buhu". Sakamako zai yi yawa, don kowa buhu yake saye. Sai ya canza zuwa abin da ba a cika maimaitawa ba, kamar lambar motar da ta ɗauki kayan ko sunan direba. Da ya gane hirar, sai ya buɗe ta, ya taɓa ɗigo ukun da ke sama, ya zaɓi Search, ya danna alamar kalanda ya tafi watan Maris kai tsaye. Telegram ma yana da wannan kalandar. Idan sunan bai bayyana a jeri ba, ya leƙa Archived kafin ya ce an goge.

Binciken yana bin yadda aka rubuta ne, ba abin da ake nufi ba. Wanda ya rubuta 45k ba za ka same shi da 45,000 ba, kuma "kudi" da "kuɗi" sai ka gwada kowanne.

Babbar matsalar duk manhajojin biyu ita ce saƙon murya, wanda kuma da shi mutanenmu suka fi ciniki. Akwatin bincike ba ya jin abin da aka faɗa. Iyakarsa ya jero maka muryoyin, kai kuma ka zauna kana saurare ɗaya bayan ɗaya, da gaisuwa da tambayar iyali da komai. Don haka bayan an daidaita da baki, rubuta layi ɗaya: "Alhaji, buhu 60 a kan dubu 45, saura cikon buhu 20." A WhatsApp, ka danne saƙon ka sa masa tauraro, zai zauna a Starred. Ka kuma duba ko abokin cinikin ya kunna Disappearing messages, domin saƙon da aka sa wa awa 24, kwana 7 ko kwana 90, in lokacinsa ya cika babu binciken da zai dawo da shi.

Ni a ganina mai yawan canza waya, ko mai ƙaramar waya da ke cika kullum, Telegram ya fi masa, in har abokan cinikinsa za su bi shi can, wanda a kasuwanninmu da wuya. Sauran jama'a su zauna a WhatsApp, su sa kwafin ya riƙa tafiya kullum. Mai kwastomomi da yawa ya ɗauki WhatsApp Business, inda zai ware masu bashi da alama guda, ya buɗe su kaɗai ranar karɓar kuɗi.