Lido: in shida ta faɗo, fito da sabon ɗa ko tura na gaba?

"Jama'a don Allah ina da tambaya, in na jefa shida a lido kuma ina da ɗa ɗaya da ya yi nisa, sauran suna ɗaki, wanne ya fi, in fito da sabo ko in ƙara wa na gaba gudu?"

Ɗan uwa fito da sabo kawai. Mafi yawan lokaci shi ne daidai, sai a wuri biyu da zan faɗa maka a ƙasa. Amma maganata a kan lido mai dayis ɗaya ce, irin wanda ake bugawa a waya mai taurari a kan allo, in mai dayis biyu kuke yi lissafin ya ɗan canja.

Dalili na farko, shida ita kaɗai ce take buɗe ɗaki, tafiya kuwa ko ɗaya ka jefa ɗanka zai motsa. Shida tana zuwa ne kusan sau ɗaya cikin jifa shida, kuma ba alkawari ta yi maka ba, kusan kashi ɗaya cikin uku na lokuta mutum zai yi jifa shida a jere bai gan ta ba. To abin da ke da wuyar samu haka ai bai kamata ka kashe shi a aikin da biyar ko huɗu ma za su iya yi ba. Kuma kar ka manta shida tana ba ka ƙarin jifa, ka ga in ka fito da sabo ba ka rasa damar motsa na gaban ba, ga jifa na biyu yana hannunka.

Dalili na biyu shi ne wanda mutane ba su cika lura da shi ba. Mai ɗa ɗaya a waje ba shi da zaɓi, duk abin da dayis ta ba shi dole ya tafi, ko da zai sauko daga tauraro ya faɗa gaban abokin wasa. Mai 'ya'ya biyu ko uku a waje kuwa shi ke zaɓar wanda zai motsa, ya bar babba a zaune lafiya yana ta wasa da ƙananan.

Bari in ba ka misali da lamba. Ka ɗauki ƙofarka a matsayin 0. Taurari suna 8, 21, 34 da 47, ƙofofin sauran 'yan wasa suna 13, 26 da 39, duk waɗannan ba a cin ɗa a kansu a dokar da aka fi bi a waya. Daga 51 ka shiga layin gidanka, 56 ka gama. Ka ce ɗanka yana zaune a 34 kan tauraro sai shida ta zo. In ka tura shi zai sauka a 40, taki ɗaya gaban ƙofar mutumin ƙarshe, in yana da ɗa zaune a ƙofar nan da ɗaya tak zai cinye ka, ko ba shi da shi a waje ma zai iya jefa shida ya fito ya ƙara da ɗaya. E kana da ƙarin jifa, amma inda zai kai ka tsakanin 41 da 46 ne, babu mafaka ko ɗaya a ciki, tauraro sai 47. In kuwa ka fito da sabo, ƙarin jifan sai ka ba ƙaramin, babban yana nan a 34 babu mai taɓa shi.

Haka na taɓa cinye wani wasa da ƙannena da har yanzu in muka haɗu sai an tuna. Babban ɗana ya zauna kan tauraro ya ƙi motsi, suna ta min dariya wai ya yi barci, ni kuwa duk shidar da ta zo sai in buɗe ɗaki, har na jera uku a bayan ƙanwata da take ta gudu da ɗa ɗaya tilo. Ta zo wucewa ta ƙofata ta sauka taki uku a gabana, aka ba ni uku, wallahi har cilli ta yi da dayis ɗin. Ɗan da ke zaune a ƙofarka maigadi ne, duk mai wucewa sai ya yi tunani.

Tura na gaba kuma, to, yana da ranarsa, ba zan ce ba shi da amfani ba. Wuri na farko shi ne in ɗan ya yi nisa kuma akwai mai bin sa kusa. Wanda ke bayanka taki ɗaya zuwa shida, damar ya ci ka kusan ɗaya cikin shida ce a jifansa, in su biyu ne a tazara daban-daban ta zama biyu cikin shida. Amma in tazarar ta kai bakwai zuwa sha ɗaya sai ya jefa shida sannan ya ƙara da lambar daidai, ɗaya cikin 36 ke nan. Misali kana 45, wani yana 42. Shida za ta kai ka 51, ka shige layin gida, an gama magana. In ka ce bari ka fito da sabo ka gudu da ƙarin jifan, duba yadda take: ɗaya ko uku suna barin ka a cikin haɗari, huɗu ko biyar sun nisanta ka amma ba ka tsira gaba ɗaya ba, biyu ce ko wata shidar kawai suke ba ka mafaka. Ɗan da ya kai 45 ya ci jifa wajen sha uku ban da jiran shidar da ta fito da shi, ba a caca da irinsa. Amma in ɗan yana 10 ko 12 ne, bar shi ko da an ci, jifa uku ne suka tafi.

Wuri na biyu, in shidar za ta ci ɗan wani, musamman wanda ya kusa shiga gida. Wannan kam ci abinka, a dokar da yawa ma cin yana ba ka ƙarin jifa. Sai dai ka duba bayanka tukuna, kar ka ci ƙaramin ɗa da ya fito yanzu da babbanka ka sauka a gaban mutum biyu.

Abu ɗaya da za ka kiyaye in ka fito da su da yawa, kar ka baza su duka a fili a tsakiyar hanya, kowanne ya zama nama. Biyu su zauna a ƙofa ko tauraro, ɗaya ya yi tafiya. Kuma in shida ta zo sau biyu a jere ka yi amfani da su da kyau, don a yawancin dokoki ta uku lalata maka jifan take yi.

Sannan tunda maganar ta zo, ka yi hankali da masu tallan wai suna da manhajar lido da aka yi wa kutse tana ba da shida duk lokacin da kake so, ko masu cewa turo kuɗi su loda maka tsabar wasa da arha. Ko dai su karɓe kuɗin su toshe ka, ko su ce ka ba su lambar sirrin akawun ɗinka, ko abin da za ka sauke ya zo da ƙwayar cuta ya lalata maka waya. Na allo ma in za ka saya ka juya dayis ɗin a hannu ka jefa ta sau da yawa a gaban mai sayarwa, akwai masu gefe a cinye ko rami a ciki da suke karkata wuri ɗaya, kuma ka ƙirga 'ya'yan su cika 16 kafin ka biya.

Don haka shida ta zo, fara duba bayan babban ɗanka taki shida. In babu kowa, ko yana kan tauraro, buɗe ɗaki. In akwai mai bin sa kuma ya wuce rabin allo, gudu da shi.