Zuciya da huhu: wa ya fi rarar ƙarfi in ana sassarfa?

Mutum na zaune, zuciyarsa tana tura jini kusan lita 5 a minti ɗaya, huhunsa kuma yana shigar da iska kusan lita 6. Da ya fara sassarfa, sai rabon aikin ya bambanta.

Zuciya tana ƙara yawan bugu, daga 70 zuwa wajen 120 ko 130, kowane bugu kuma ya fi na da cika. Duk da haka iyakarta kusa take, domin a wajen wanda ba ɗan wasa ba da wuya jinin da take turawa ya wuce ninki huɗu ko biyar na lokacin hutu. Shi ya sa jiki ke dabara: hanyoyin jinin hanji da ƙoda su tsuke, na cinya da sha-raɓa su buɗe.

Huhu kuwa mai wadata ne. Zurfin numfashi yake fara ƙarawa kafin saurinsa, kuma a matsakaicin motsi ko rabin ƙarfinsa bai taɓa ba. Ni a ganina, hakin da ake ɗora wa huhu yawanci ba laifinsa ba ne.

Abin da ya haɗa su shi ne ƙwaƙwalwa. Umarnin da ta aika wa ƙafa, tare yake tafiya da na zuciya da na numfashi, har ma bugu kan tashi tun mutum yana ɗaura takalmi. Daga nan tsoka da gaɓoɓi su aiko da rahoto a daidaita. Shi ya sa iskar da jinin da ya fito daga huhu ke ɗauke da ita kusan ba ta sauyawa. In kana iya magana ba yankewa, kana cikin matsakaici. In kalma ta fara tsinkewa, ka haura shi.