Sharhi kan zaman shawara: digiri na biyu ko fara aiki

Bayan na kammala hidimar ƙasa da digirin injiniyan gine-gine, wani kamfanin kwangila ya ba ni aiki a kan albashin naira 180,000 a wata, a daidai lokacin da na samu gurbin digiri na biyu, don haka na biya kuɗin zama da wata mai ba da shawara kan karatu da sana'a a Kano. Tsarin da take amfani da shi takarda ce guda ɗaya mai tambayoyi uku, sai jadawalin ba da maki a ƙasa.

Tambaya ta farko ita ce ko aikin da mutum yake son ya tsinci kansa a ciki nan da shekara biyar yana neman takardar digiri na biyu a matsayin sharaɗi. Ba ta yarda da amsar baki ba, sai da ta sa na tattaro tallace-tallacen guraben irin wannan aiki na karanta abin da suka gindaya. Ga mai son koyarwa a jami'a, amsar a fili take, domin da digiri na biyu ake zama mataimakin lakcara. Ni kuwa aikin fili nake so, kuma abin da tallace-tallacen suke maimaitawa shi ne shekarun ƙwarewa da rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, rajistar da ake nema bayan shekara huɗu na aiki.

Tambaya ta biyu ce ta fi ɗaukar lokaci, kuma ita ce na ga ta cancanci kuɗin da na biya. Na lissafa kuɗin makaranta da na bincike da zirga-zirga, ya kama kimanin naira 900,000, na ɗauka shi ke nan. Sai ta ce, "Injiniya, albashin da za ka bari fa, wa zai biya ka shi?" Wata 18 na karatu a kan naira 180,000 ya zama 3,240,000, jimilla ke nan 4,140,000. Muka ƙaddara cewa takardar za ta ƙara mini naira 30,000 a wata, wanda ke nufin sai bayan wata 138, wato shekara goma sha ɗaya da rabi, kuɗin zai dawo. Ta kuma sa muka sake lissafin da wata 24, tana mai tuna mini cewa yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, ban da jiran malami mai duba kundin bincike, wanda duk wanda ya yi karatun ya san ba a hannun ɗalibi yake ba. A nan lissafin ya tashi zuwa shekara goma sha huɗu da rabi.

Ta uku ita ce wanne daga cikin biyun zai iya jira. Jami'a ba ta korar mutum don ya kai shekara talatin da biyar, alhali kamfanoni da bankuna da yawa suna sa iyakar shekaru ga sababbin ma'aikata. Tallafin karatu na Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya ke bayarwa, shi ma yana neman ƙwarewar aiki ta shekara biyu, don haka fara aiki yana iya buɗe hanyar karatun da wani zai biya.

Jadawalin makin bai gamsar da ni ba. Mutum ne yake ba kowane abu nauyi daga ɗaya zuwa biyar, shi ne kuma yake ba da makin, saboda haka wanda zuciyarsa ta riga ta karkata zai iya tura sakamakon inda yake so ba tare da ya lura ba. Da na ɗaga nauyin "daraja a idon jama'a" daga biyu zuwa huɗu, nan take karatu ya haye gaba. Haka nan takardar tambayoyin ba ta raba digiri na biyu na bincike da na ƙwararru ba, alhali jami'o'i da dama ba sa karɓar na ƙwararru kai tsaye ga mai neman digirin digirgir, kuma sai da na tambaya kafin aka yi maganar karatun ƙarshen mako ko na nesa irin na jami'ar NOUN.

Na karɓi aikin, da niyyar duba batun karatu idan na samu rajista. Tsarin zai amfani wanda yake da takardar ɗaukar aiki a hannu, amma wanda bai samu aiki ba, albashin da zai bari sifili ne, kuma lissafinsa na iya karkata zuwa makaranta.