Direban da ya haddace Landan kamar allo

Ranar Juma'ar nan na sauka a tashar jirgin ƙasa ta Euston da ƙarfe sha biyu da 'yan mintuna, sanye da babbar riga da hula zanna bukar, wayata kuwa ta mutu tun muna hanya daga Coventry. Na manta caja a gida. Abin da kawai ya rage a kaina shi ne saƙon muryar da Yaya ya turo mini da daddare: ɗaurin auren ɗan amininsa, bayan an idar da sallah, a Central Mosque, in je in wakilce shi. Bai faɗi titi ba, bai faɗi unguwa ba, ni ma ban tambaya ba, don a gida wa yake tambayar adireshin babban masallaci?

Gabana ya faɗi ne saboda na taɓa shan kunya a kan irin wannan. Makona na farko a Ingila na shiga wani ɗan ofishin motocin haya da ake kira minikab, na faɗa wa matar da ke zaune sunan shagon da zan je. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce in ba ta foskod, wato lambar gidan waya ta wurin. Na ce ai bayan wata coci yake, idan aka wuce gidan mai sai a karya hagu. Sai a lokacin ta dube ni, irin kallon da ake wa yaron da aka aika ya zubar da kuɗin cefane, ta sake cewa foskod. Mutanen da ke bayana suna jira, ni ina ta zana kwana da hannu a iska. Haka na fito ba mota.

Sai daga baya na gane ba wulaƙanci ta yi niyya ba, haka aikin nasu yake. Minikab ba a tare ta a titi, sai an yi odarta, kuma direbanta na'ura yake bi. Foskod ɗin nan haruffa ne da lambobi kashi biyu: na farko yana nuna yankin gari, na biyu yana kai ka kan ɗan tsagin titi guda, gidaje kamar goma sha biyar a mafi yawan lokuta. Idan ka ba shi wannan, ka gama magana. Idan kuwa suna kawai gare ka, zai buga shi a na'ura, duk abin da ta fara nuna masa nan zai kai ka, ko da ba shi kake nufi ba.

To da wannan tsoron na bi layin baƙaƙen tasin nan na Landan. Direban dattijo ne, farin gashi, tabarau a kan karan hanci. Na leƙa ta taga na ce masa Central Mosque, ina jiran a ce foskod. Bai ce ba, bai kuma kunna mita ba. Cewa ya yi wanne daga ciki? Akwai na Regent's Park mai ƙubba ruwan zinare, shi ne ainihin mai wannan suna. Akwai babba a Whitechapel da mutane kan ruɗa da shi, sannan na Finsbury Park ma a da sunansa North London Central Mosque. Ya dubi rigata ya ƙara da cewa idan taron 'yan Najeriya ne, akwai nasu a Old Kent Road, tsallaken kogi. Masallatai huɗu, a kusurwa huɗu na gari, Bature yana jero mini su kamar mai karanta tasbaha.

Na ce wallahi ban sani ba. Ya ce to wanda ya aiko ni bai ambaci komai a kusa da wurin ba? Tasha, lambu, asibiti, kasuwa? Na yi shiru ina juya muryar Yaya a kaina, sai na tuna ya yi wasa cewa kada in ɓige da kallon kurket in manta da abin da ya kai ni. Ina faɗa dattijon ya ce shi ke nan, filin kurket na Lord's ne, masallacin Regent's Park kenan, a kan Park Road, shiga. Sai a sannan ya danna mita. Ya hau Marylebone Road, ya karya dama wajen Baker Street, kafin in gama daidaita rigata ga ƙubba ta bayyana. Ya ajiye ni ɗan nesa kaɗan da ƙofa, ya ce ranar Juma'a bakin ƙofar cushewa yake, in taka zan riga mota. Ko sau ɗaya bai kalli wata na'ura ba.

A wannan 'yar tafiyar na tambaye shi yadda aka yi ya san duk wannan, na kuma bi diddigi daga baya, don abin ya tsaya mini a rai. Ba a ba mutum lasisin tuƙa baƙar tasi a Landan sai ya ci wata jarrabawa da ake kira the Knowledge, wadda aka faro tun 1865, zamanin keken doki. Ana kafa tsinke a Charing Cross, tsakiyar gari, a ja da'ira mai nisan mil 6 ta kowane ɓangare. Duk abin da ke cikin da'irar nan sai ka san shi: tituna kusan 25,000, da dubban wurare masu suna, asibitoci, otal-otal, ofisoshin jakadanci, kotuna, wuraren ibada, maƙabartu. Akwai littafin da ake ba ɗalibi mai hanyoyi 320, ta farko daga tashar Manor House zuwa Gibson Square. Kowace hanya sai ya hau babur ya bi ta da kansa, takarda a maƙale a gabansa, ya kuma zagaye abin da ke kewaye da mafarinta da ƙarshenta. Yawanci shekara uku zuwa huɗu ake yi ana wannan, ruwa da sanyi.

Jarrabawar ce ta fi burge ni, don sak hadda ce irin ta makarantar allo. Za ka zauna gaban mai jarrabawa, ya ambaci wurare biyu da sunansu kawai. Sai ka fara faɗin titin da kowanne yake, sannan ka karanto hanya mafi kusa da ka, titi bayan titi, inda za ka yi hagu da inda za ka yi dama, ba tare da ka shiga hanyar da aka hana ba. Da farko ana kiranka duk bayan kwana 56, idan ka yi ƙoƙari a rage zuwa 28, sannan 21. Ka gaza a mayar da kai baya, kamar yadda malam ke cewa je ka wanke allonka ka sake. Har binciken da Eleanor Maguire ta jagoranta a University College London a 2000 ya gano cewa ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke riƙe taswirar wurare ya fi girma a kan waɗannan direbobi fiye da na sauran mutane.

Ina zaune a sahu ina jiran liman, tunanina ya tafi Kano. Ai mu ma da suna muke tafiya. Ka tare ɗan adaidaita ka ce Tal'udu, ba wanda zai tambaye ka lamba, alhali kamfanin Taylor Woodrow da ya bar wa wurin suna yaran yanzu ba su ma san an yi shi ba. Garin a kan direbobinmu yake, kuma ba wanda ya ba su littafi. Inda muka rabu da dattijon nan wuri ɗaya ne, shi ne yake ci mini rai. Namu ba ya cewa ban sani ba. Ka ambaci wurin da bai taɓa ji ba, zai ce hau mu je Alhaji. Sai kun yi nisa ya fara rage gudu yana leƙen mai shayi, a tambayi mai faci, a tambayi mai kanti, kowa ya nuna gabas da yamma don shi ma kunyar cewa bai sani ba yake ji. A ƙarshe ya ce ai ba ka ce masa da nisa haka ba, sai ka ƙara. Mu fasinjoji ma ba mu da gaskiya. Mutum zai gayyace ka biki ya ce idan ka zo unguwar ka kira, ranar kuma wayarsa tana hannun yara. Najeriya tana da lambar gidan waya mai alƙaluma shida, amma a cikin masu karanta wannan wa ya san ta unguwarsu?

Kada kuma a ɗauka dattijon nan waliyyi ne. Saninsa yana da iyaka, kuma a ranar na ga iyakar. Bayan ɗaurin aure aka ce walima tana wani zauren taro da aka kama haya can gabashin gari, aka faɗi sunansa, kowa ya watse cikin motarsa. Na tare wata baƙar tasin mai fitilar sama a kunne, alamar ba kowa ciki, na faɗi sunan. Wannan direban ya girgiza kai ya ce bai san shi ba, kuma ga alama ya fita daga mil shidan da ya haddace. Ƙananan wurare irin wannan, in ji shi, suna canja suna duk bayan 'yar shekara, sai in samo foskod ko aƙalla sunan titi da unguwa. Sunan titi shi kaɗai ma ba ya isa, don High Street da Church Road suna da yawa a Landan, kamar ka ce Sabon Gari ba ka faɗi na wane gari ba. Ya ce ba zai ɗauke ni mita tana ci muna yawon nema ba. Na ji haushi a lokacin, amma kuɗina ya tsare mini, kuma kuɗin baƙar tasi ba na wasa ba ne, ta fi minikab tsada nesa ba kusa ba.

Tun daga ranar, idan suna kawai nake da shi, ba na shiga mota sai na haɗa shi da abu biyu: unguwar da yake, da wani babban abu a kusa da shi wanda ba ya tashi, tashar jirgin ƙasa ta fi komai. Ina faɗa ta taga tun kafin in buɗe ƙofa, in jira direba ya maimaita mini da sunan titi. Idan ya ce wanne, hankalina ya kwanta, ya san garin. Idan kuwa ya ce to kawai ya fara danne-dannen na'ura, sai na leƙa na ga abin da ta nuna masa.

Walimar dai ban je ba. Na tsaya a bakin masallaci ina duban mutane suna wucewa, kowa kansa a ƙasa, na tuna a gida da tuni wani ya ƙwala wa yaro kira ya ce raka baƙon nan gidan biki, yaron ya ɗare gaban adaidaita yana nuna hanya da hannu, a ba shi na alewa. Na koma Euston a ƙafa, ina bin hanyar da dattijon ya biyo da ni. Da na isa gida na sa waya a caji, saƙon farko da ya shigo na Yaya ne, tun ƙarfe goma na safe: ya manta bai gaya mini ba, masallacin nan ne mai ƙubba, kowa ya san shi.