Gargaɗi: masu cewa "na yi kuskuren lamba" sun dawo

Jika 70. Jika 70 cif suka raba wani mai sayar da wake da su a babbar kasuwar Maradi, da saƙo ɗaya da kira ɗaya. Kada wani ya ce min sakarci ne. Mutumin nan yana lissafin buhu ɗari a ka ba tare da biro ba. Tausayi aka kama shi da shi, kuma abin da ke ƙona min rai ke nan.

Ga yadda suke yi. Saƙo ya shigo salularsa da Faransanci, wai an turo masa 75.000 F. Bai gama karantawa ba sai kira: "Alhaji, don girman Allah, kuɗin maganin mahaifiyata ne, lamba ɗaya na kuskure. Riƙe jika 5 na goro, maido min da jika 70." Murya na rawa, ana ta haɗa shi da Allah da Annabi, ga masu ciniki tsaye a kansa. Ya tura. Jika 70 daga cikin kuɗinsa na kansa, don ko dala ba ta shigo ba.

Tambaya ta farko da za ka yi wa kanka idan ka rasa gane saƙo: daga ina ya fito? Saƙon kamfanin kuɗi da sunan kamfanin yake zuwa, kuma yakan faɗa ƙarƙashin tsofaffin saƙonninsu. Na Alhaji daga lamba mai alƙaluma 8 ya fito, irin tawa da taka, ya zauna shi kaɗai. Amma ko da suna ka gani kada ka saki jiki, akwai masu iya manna sunan kamfani a kan saƙon ƙarya.

Don haka ta biyu ta fi nauyi: na duba asusuna da hannuna? Ba abin da saƙo ya faɗa ba. Ka kashe kiran, ka shiga ta hanyar da ka saba duba ragowar kuɗinka. Alhaji yana da jika 120 kafin saƙon. Da gaskiya ne, sai ya ga 195.000 F. To a saƙon, wurin da aka rubuta "Nouveau solde", 75.000 F ne kawai, saboda ɓarawon bai san abin da ke ciki ba, ya cika abin da ya ga dama. Ga shaida a tafin hannunsa, amma mai kira bai bar shi ya ɗauke salula daga kunne ba. Da gangan ne. Minti ɗaya na shiru ya isa ya tona su, shi ya sa ba sa yin shiru.

Tun kafin ma ya tura, mai kiran ya ce kada a mayar ta lambar da ya kira da ita, wai ta ƙanensa za a saka. Nan ma akwai tambaya: me ya sa kuɗi za su fito ta wata ƙofa su koma ta wata? Lamba uku ke nan a magana ɗaya, ta saƙo, ta kira, ta karɓa. Wanda ya yi kuskure na gaske, ofishin kamfani yake zuwa da lambar shaidar turawa, su bi sawun kuɗin. In ka ce masa "je ka can, ni ban taɓa su ba" sai kuka ya koma zagi, ka san da wa kake magana.

Wani lokaci bayan haka sai mutum na biyu ya kira, wai ma'aikacin kamfani ne, zai warware matsalar, ka faɗa masa lambar sirrinka ko lambar da ta shigo yanzu ta saƙo, ko ka danna wasu lambobi da zai karanto maka. Wannan ba jika 70 yake so ba, duka yake so. Babu ma'aikacin da ke buƙatar lambar sirrinka, kuma abin da ake karanto maka ka danna, turawa ce kake yi da yatsanka.

Jika 70, kuma har godiya ɓarawon ya yi masa da addu'a kafin ya kashe layi. Zan saka hoton saƙon bayan na rufe lambar Alhaji, ku ga wurin 75.000 F ɗin da idonku.

Wanda ya riga ya tura, kada ya goge komai. Ya kira kamfani nan take ko a tsayar da kuɗin kafin a cire, sannan ya kai saƙon da lambobin uku komisariya. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019.