Sabuwar dikoda ko babban faranti: wanne zai hana hoto yankewa da damina?

"Assalamu alaikum jama'a. Ina Garwa, unguwar Yelwa. Da zarar an fara ruwa mai ƙarfi sai hotona ya dinga kakkaryewa, daga nan ya rubuta Pas de signal. Mai shago ya ce in sayi sabuwar dikoda, maƙwabcina kuma ya ce farantina na santimita 60 ne ya yi ƙarami. Wanne zan saya?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Faranti za ka saya, mai santimita 90. Sabuwar dikoda na taɓa saya saboda wannan matsalar, ruwan farko da aka yi ta ɗauke kamar tsohuwar, har yau tana nan cikin kwalinta a ƙarƙashin gado.

Dikoda abin da ya sauko mata ta waya kawai take karantawa. Yawancin tashoshin da muke kama da ƙananan faranti a zangon sigina da ake kira Ku suke zuwa, wajen gigahaz 11 zuwa 12, kuma ruwan sama mai kauri yana cinye irin wannan sigina tun a sararin sama, kafin ma ta iso rufinka. Maganin shi ne ka tara ta da yawa, yadda ko ruwa ya ci rabonsa za a bar maka saura. Farantin 90 ya ninka na 60 fili sau biyu har da kwata.

Da na ɗora nawa, a remot na shiga wurin da ake duba sigina. Layi biyu ne, na ƙarfi da na Qualité, wato ingancin sigina, kuma na biyun shi ne abin kallo. Da ƙaramin faranti, ko rana tsaka sama tas, nawa bai wuce 55 ba. Na sa ƙanena ya zauna gaban talabijin yana faɗa mini lamba ta taga, ni kuma ina sama na sassauta kusoshi, ina tura farantin kaɗan-kaɗan, kamar kaurin farce, in dakata daƙiƙa biyar kafin in sake taɓawa. Hagu da dama tukuna, sannan sama da ƙasa, a ƙarshe na murza LNB, wato kan nan da ke gaban faranti yana karɓar sigina, a cikin zobensa. Wannan murzawar kaɗai ta ƙara mana maki shida, kuma ita ce masu ɗaurawa suka fi tsallakewa in suna sauri. Muka tsaya a 82. Watan Agusta na bana, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, tsohuwarmu na zaune tana kallon tafsirinta ba ko gizo, wallahi na ji daɗin kuɗina. Ba zan ce maka ya daina yankewa ɗungurungum ba, in baƙin hadari ya sauke da gaske yana ɗaukewa minti biyar ko goma ya dawo da kansa.

Amma kafin ka fitar da ko dala, lura da yadda hoton yake dawowa. In ruwa na tsagaitawa ya dawo, maganar faranti ce da saiti. In kuwa sai bayan awoyi, ko sai gobe da rana ta buga, to ruwa ne ke shiga wayarka, kuma ko farantin 120 ka ɗora ba za ka tsira ba. Zare dikoda daga wuta tukuna, domin tana tura bolt 13 ko 18 ta cikin wayar nan zuwa LNB. Bari rufi ya bushe, tsawa ta wuce, ka hau ka kwance kan wayar da ke ɗaure a LNB. In ka ga tsakiyar ta yi kore ko baƙi, yanke kamar taƙi ɗaya har ka iske jan ƙarfe mai ƙyalli, sa sabon kai, ka tabbata ko silin gashin waya ɗaya bai taɓa ta tsakiyar ba. Naɗe da salatif, ka bar wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗiga a waje. In kuma bayan iska ne hoton ya tafi bai dawo ba, layin ƙarfi na nan amma Qualité sifili, faranti ne ya goce.

Ka yi hattara a kasuwa. Akwai masu miƙa maka na 80 su rantse 90 ne, don haka tafi da tef ɗin awo ka auna faɗinsa da hannunka. Danna gefensa da babban yatsa, in ya lotsa kamar murfin gwangwani bar musu kayansu, iskar farkon damina za ta murɗe shi. Wayar ma ka ce RG6 kake so, ka sa a fere maka bakinta a gabanka ka ga ko ragar cikinta na da kauri. Kuma duk wanda zai ɗaura maka, kada ka sallame shi sai ka ga lambar Qualité da idonka.